Yadda ake tabbatar da cewa kuɗin da aka biya ta lambar QR sun shiga

A kasuwa irin ta Kantin Kwari da ke Kano, inda shago ɗaya kan sallami mutane da yawa cikin sa'a guda, abin da ya fi jawo saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne 'yan mintunan da ke tsakanin lokacin da mai saye ya ce "na biya" da lokacin da mai shago ya ga kuɗi a asusunsa. Biya ta lambar QR, wato zanen ɗigo-ɗigo mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, bai kawar da wannan tazara ba, ya dai rage wahalar rubuta lambar asusu da kuskuren da ake yi a cikinta. Wannan bayani ya shafi yadda ake yi a Nijeriya, inda Babban Bankin ƙasa ya fitar da ƙa'idojin biya ta QR a watan Janairun 2021, sannan kamfanin NIBSS, wanda ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ya ƙaddamar da nasa tsarin biya ta QR mai suna NQR a watan Maris na shekarar 2021.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, lambar QR ba ta ɗauke da kuɗi, kuma ba ta san ko an biya ko ba a biya ba. Adireshi ce kawai da ke gaya wa manhajar mai saye wane ɗan kasuwa za a tura wa. Da zarar mai saye ya sa lambarsa ta sirri, bankinsa zai cire kuɗin, saƙo ya bi ta NIBSS zuwa bankin mai shago, shi kuma wancan ya zuba kuɗin a asusu. Saboda haka ciniki ɗaya yana barin sawu a wuri biyu: cirewa a littafin bankin mai saye, da shigarwa a littafin bankin mai shago. Tabbatar da biya yana nufin gano sawun nan biyu, da nuna cewa na ciniki ɗaya ne. Idan an ga na farko ba a ga na biyu ba, kuɗi sun bar hannun mai saye amma ba su iso ba tukuna, kuma wannan bai isa a ba da kaya ba.

Mataki na farko: kafin a sa lambar sirri

Rabin aikin tabbatarwa ana yin sa ne tun kafin kuɗi su fita. Idan mai saye ya haska lambar da kyamarar manhajar bankinsa, sunan ɗan kasuwar da aka yi wa lambar rajista zai bayyana a fuskar wayarsa. Mai shago ya roƙe shi ya karanto sunan da ƙarfi, ko ya juyo wayar a gani. Dalilin haka shi ne, lambar da aka buga a takarda aka manna a kan kanta ko a bango, ɓarawo na iya zuwa ya liƙa tasa a kanta, kuma idon mutum ba ya bambance wannan zanen ɗigo-ɗigo da wancan. Idan sunan da ya fito ba na shagon ba ne, a tsaya nan take, a shafa takardar da yatsa a ji ko an ɗora wata a sama.

Sai kuma adadin kuɗi. Lambar QR iri biyu ce. Akwai ta dindindin, wadda aka buga sau ɗaya kowa yake haskawa, kuma mai saye ne ke rubuta adadin da hannunsa. Akwai kuma wadda na'urar biya ko manhajar mai shago ke ƙirƙira wa ciniki ɗaya tak, da adadin a cikinta. A ta biyun kuskuren adadi ba ya cika faruwa, kuma sau da yawa na'urar kan nuna da kanta cewa an biya. A ta farkon ne ake samun wanda ya rubuta 4,500 maimakon 45,000, wani da gangan, wani da kuskure na gaskiya. Don haka idan lambar ta dindindin ce, a ƙirga sifirorin tare kafin a danna.

Mataki na biyu: abin da ake dubawa a wayar mai saye

Bayan an biya, abin da mai saye ke nunawa yawanci shi ne koren shafin da ke cewa Successful. Wannan shafi shaida ce mai rauni, domin ana iya ajiye hotonsa daga wani tsohon ciniki, ana iya gyara hoton, kuma akwai manhajojin bogi da aka yi su don kwaikwayon shafin banki kawai. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne tarihin hada-hadar da ke cikin manhajar. A roƙi mai saye, cikin ladabi, ya fita daga wannan shafi, ya shiga wurin da aka rubuta Transaction History ko makamancinsa, ya buɗe cinikin daga can. Hoto ba ya motsi idan an taɓa shi, amma manhaja ta gaskiya tana komawa baya, tana buɗe wasu shafuka, kuma cinikin zai kasance a saman jerin da lokacin da aka yi shi. Ba sai mai shago ya karɓi wayar a hannunsa ba, kuma ba shi da hurumin ganin ragowar kuɗin mutum. Mai saye na iya rufe wannan wurin da yatsa.

A cikin rasit ɗin ana neman sunan wanda aka biya, da adadin, da kwanan wata da lokaci, da matsayin cinikin, sannan lambar shaida. Matsayin yana da muhimmanci a karanta shi da kyau. Successful na nufin bankin mai saye yana ganin saƙon ya wuce. Pending ko Processing na nufin an cire kuɗi ko an riƙe su, amma amsa ba ta dawo daga ɗaya ɓangaren ba, kuma cinikin na iya ƙarewa da shiga ko da komawa. Failed da Reversed kuwa sun nuna ba a biya ba, ko da an ga alamar cirewa da farko.

Lambar shaida ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Duk turawar da ta ratsa daga wani banki zuwa wani ta hanyar NIBSS tana samun lamba mai alƙaluma 30 da ake kira Session ID, kuma wannan lamba ɗaya ce a wajen bankin da ya tura da bankin da ya karɓa. Ba a jera alƙaluman haka kawai ba. Ga misali na koyi, wanda na raba shi gida uku don a gane, ko da yake a rasit a haɗe yake zuwa:

```
999999 250314153742 481920337615
```

Alƙaluma shida na farko lambar bankin da ya tura ne. Goma sha biyun tsakiya su ne shekara, wata, rana, sa'a, minti da daƙiƙa, wato a nan 14 ga Maris 2025, ƙarfe 3:37 na yamma da daƙiƙa 42. Goma sha biyun ƙarshe su ne suka bambanta wannan ciniki da duk wani da aka yi a daidai wannan daƙiƙar. Amfanin sanin wannan a bakin kanta shi ne, mai gyara tsohon rasit yakan canza adadi da kwanan watan da ke sama, ya manta da dogon layin da ke ƙasa. Idan rasit ya ce yau aka biya, amma tsakiyar lambar na nuna watan jiya, magana ta ƙare. Sai dai a kula da iyakar wannan dabara: tana iya kama rasit na ƙarya, amma ba ta iya tabbatar da na gaskiya, domin wanda ya san tsarin zai iya shirya lambar da ta dace da ranar.

Akwai kuma wani yanayi da ba za a ga wannan lamba ba sam. Idan mai saye da mai shago suna banki ɗaya ko kamfanin biya ɗaya, kuɗin ba sa fita waje, don haka rasit ɗin zai zo da lambar cikin gida, wadda ake rubuta wa Transaction No. ko Reference. Tsawonta da tsarinta sun danganta da kamfanin, amma aikinta ɗaya ne: ita ce za a nema a ɗaya ɓangaren.

Mataki na uku: abin da ake dubawa a wajen mai shago

A nan ne hukunci yake. Mai shago ya buɗe manhajarsa ta kasuwanci, ko na'urar biyan da ke kan kanta, ko shafin bankinsa, da hannunsa kuma a kan na'urarsa, ya ja shafin ƙasa don ya sabunta, sannan ya nemi shigar kuɗin. Saƙon tes da muke kira alat ba ya cikin wannan lissafi. Alat na iya makara da sa'o'i idan layin waya ya cunkushe alhali kuɗi sun daɗe da shiga, kuma ana iya turo na ƙarya da sunan banki a samansa har ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya. Rashin alat ba hujja ba ce cewa ba a biya ba, zuwansa kuma ba hujja ba ce cewa an biya.

Wani kuskure da na sha gani a shagunan da ke da asusu fiye da ɗaya shi ne duba asusun da ba shi ne aka ɗaura wa lambar ba. Lambar QR tana zuba kuɗi ne a asusun da aka yi mata rajista da shi, wanda zai yiwu na kamfani ne, ba wanda mai gida ke karɓar turawar yau da kullum da shi ba. Ya kamata a rubuta a bayan takardar lambar, ko a littafin shago, sunan bankin da alƙaluma huɗu na ƙarshen asusun da take zubawa, domin yaron shago ya san inda zai duba ranar da mai gida ba ya nan.

Idan an ga shigar, kada a tsaya a kan adadi kawai. A buɗe ta, a gwada lokaci da sunan mai turawa da lambar shaida da abin da ke wayar mai saye. Ba dole sai an karanta alƙaluma talatin duka ba. Mai saye ya karanto shida ko takwas na ƙarshe, mai shago yana bi da ido a nasa. Idan sun yi daidai, kuma adadin ya yi daidai, kuɗi sun shiga. A wasu manhajojin lambar ba ta fitowa a jerin farko sai an danna cikin cinikin, a wasu kuma tana cikin dogon bayanin da ke ƙarƙashin adadin. Idan adadin ya gaza da 'yan nairori kaɗan, a duba ko kamfanin yana cire ladansa ne daga cikin kuɗin kafin ya zuba, abin da ya kamata mai shago ya tambaya tun ranar da ya karɓi lambar.

Misali daga shagon atamfa

A ɗauka ranar Juma'a ce cikin azumi, 14 ga Maris 2025, kasuwa ta cika da masu sayayyar Sallah. Wata Hajiya ta zaɓi atamfa ta naira 45,000, ta haska lambar da ke manne a jikin kantar shagon, sunan shagon ya fito daidai, ta rubuta adadin, ta biya. Wayarta ta nuna Successful da ƙarfe 3:37. Yaron shago ya leƙa manhajar, ya ga 45,000 a saman jeri, har ya fara ɗaure kaya. Mai shago ya karɓi wayar daga hannun yaron ya buɗe cinikin, sai ya ga an yi shi ne da ƙarfe 3:12, kuma sunan mai turawa na wani namiji ne da ya sayi irin wannan atamfa a kan wannan farashi mintuna ashirin da biyar da suka wuce. A shagon da ke sayar da kaya masu farashi ɗaya, wannan ruɗani yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma ba ya buƙatar kowa ya yi niyyar cuta.

Mai shago ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, wanda muke gani na wani ne da ya riga ku. Naku bai iso ba tukuna. Ko za ku taimaka ku buɗe mana rasit ɗin daga cikin tarihin asusunku?" Ta buɗe, lambar Session ID ta nuna 250314153742 a tsakiya, ta ƙare da 337615. Kwanan wata da lokaci sun dace, sunan shago daidai ne, don haka babu dalilin zargin ta. Abin da ya rage shi ne jira. Ya rubuta adadin, da lokacin, da alƙaluman ƙarshe a littafinsa, ya ajiye kayan gefe da sunanta, ya ba ta kujera. Ta ce, "Alhaji, ko in sake turawa ne? Ina sauri." Ya ce a'a, kuma wannan ita ce amsar da ta dace, domin idan ta sake biya alhali na farkon yana hanya, za a wayi gari an cire mata 90,000, a koma neman yadda za a mayar.

Da ƙarfe 3:49 sabuwar shigar 45,000 ta bayyana. Sunan mai turawa ba nata ba ne, na ɗanta ne, domin asusunsa take amfani da shi a wayar, amma lambar shaida ta ƙare da 337615. A nan lambar ce ta raba gardama, ba suna ba, tunda mutane da yawa suna biya da asusun miji, ko na ɗa, ko na kamfani. Ya sa alama a littafinsa kusa da abin da ya rubuta ɗazu, ya miƙa mata kayanta.

Idan kuɗin ba su iso ba

Ƙa'idar Babban Banki ta 2018 kan tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ta tanadi tara ga bankin da ya jinkirta zuba kuɗin da suka iso masa fiye da minti huɗu, da kuma wanda bai mayar da kuɗin turawar da ta gaza ba cikin sa'a 24. A aikace, ranakun cunkoso irin na ƙarshen wata da jajibirin Sallah ana wuce minti huɗun. A ganina jiran minti goma sha biyar zuwa ashirin ya wadatar a bakin kanta, ana sabunta shafi lokaci-lokaci. Idan aka wuce haka, sai a yanke shawara a kan kaya, ba a kan kuɗi ba, domin kuɗin ba sa hannun ɗayansu.

Hanya mafi aminci ita ce kaya su zauna a shago, a ba mai saye takarda mai ɗauke da kwanan wata, adadi, cikakkiyar lambar shaida da bayanin kayan da aka ajiye masa, a kuma yi musayar lambar waya. Idan kuɗin sun shigo, a kira shi ya zo ya ɗauka ko a aika masa. Idan sun koma asusunsa, zai ga Reversed ko sabuwar shigar kuɗi daidai adadin, sai ya sake biya. Idan mai shago ya ga dama ya saki kaya saboda sanayya, wannan bashi ne ya bayar, kuma a littafin bashi ya kamata ya rubuta shi har ranar da kuɗin suka bayyana. Idan kuma mai saye ba zai iya jira ba ya zaɓi ya biya da tsabar kuɗi, a rubuta a takardar cewa idan na farkon ya shigo za a mayar masa. Mayarwar kuma a yi ta zuwa asusun da kuɗin suka fito, ba wani asusu dabam da aka turo ta waya ba, kuma sai bayan an ga shigar da ido a manhaja. Masu damfara sun san wannan ƙofa: sukan kira su ce sun biya sau biyu, su nemi a mayar da rarar wani wuri.

Wanda ke da haƙƙin kai ƙorafi da farko shi ne mai saye, domin daga asusunsa aka cire, kuma bankinsa ne ke iya bin sawun saƙon. Ya je da Session ID, da adadin, da ranar, ya nemi a duba matsayin cinikin, kuma kada ya bar wurin ko ya kashe waya sai an ba shi lambar ƙorafi. Shi ma mai shago yana da nasa aikin: ya sauke bayanin asusunsa na wannan rana da kwana ɗaya ko biyu bayanta, wanda ake kira sitatimen, domin shi ne zai nuna babu shigar. Idan bankin mai saye ya ce kuɗin sun wuce, mai shago ya kai wannan lamba ga nasa bankin ya ce a nemo ta, tunda wani lokaci saƙo yakan iso banki amma a kasa zuba shi a asusu sai an yi da hannu. Idan mako biyu suka cika bankin bai warware ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya, tare da lambar ƙorafin farko.

Akwai yanayi ɗaya da jira ba ya magani. Idan aka duba rasit aka ga sunan wanda aka biya ba na shagon ba ne, kuɗin sun tafi wani asusu, ko dai saboda an musanya takardar lambar, ko mai saye ya haska ta maƙwabcin shago da ke manne kusa. Idan ta maƙwabci ce, a je tare a gwada lambar shaida a manhajarsa, ya mayar. Idan baƙon suna ne, mai saye ya kira bankinsa a wannan lokacin ya ce damfara ce don a nemi riƙe kuɗin kafin a kwashe, mai shago kuma ya cire takardar ya adana ta, kada ya yaga, domin za a buƙace ta wajen bincike.

Lissafin rufe shago

Da yamma, kafin a ja ƙofa, a ɗauki littafin ciniki a gefe ɗaya da jerin shigar kuɗi na ranar a ɗaya gefen, a bi su layi-layi. Kowane cinikin QR a littafi ya zama yana da lokaci, adadi da alƙaluma shida na ƙarshen lambar shaidarsa, kuma kowace shiga a manhaja a sa mata alama sau ɗaya tak. Wannan alama ce ke hana a ƙirga 45,000 ɗaya wa mutum biyu, kuma ita ce ke tona wanda ya dawo washegari da rasit ɗin jiya yana neman wasu kaya. Shigar da ta rage ba ta da ciniki a gabanta, wataƙila ta wanda ya biya sau biyu ce ko ta jiya da ta makara, don haka a ware ta a shafi na dabam, kada a haɗa ta da cinikin ranar. Cinikin da ya rage ba shi da shiga kuwa, shi ne za a fara nema da safe, da lambarsa a hannu, kafin a buɗe wa mai saye na farko.